Gargaɗi ga matafiya: kada araha ta ja ku ga motar gas 'yar Turai

Jama'ar unguwar Nasarawa ta Kano da kewaye, da duk mai tayar da mota daga Kano ya nufi Maiduguri, ko Sakkwato, ko Damagaram, wannan jan kunne naku ne. Idan wani ya tallata muku mota mai amfani da man gas, wato dizal, wadda aka shigo da ita daga Turai an yi amfani da ita can, ya ce muku ba ta shan mai kuma injinta ba ya mutuwa, to ku dakata da biyan kuɗi sai kun san wane irin inji ke cikinta. Wanda kuma ya riga ya saya, ya karanta wannan kafin tafiyarsa ta gaba, ya kuma karanta wa direbansa.

Maganar da dillalai ke yi cewa injin gas ya fi juriya ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Tsohuwar gaskiya ce da zamani ya wuce da ita. Injin da ya jawo wa gas wannan suna shi ne na da, irin 1HZ da ke cikin Land Cruiser ƙirar 70, ko 5L na tsofaffin Hilux da Hiace, ko na manyan motocin Marsandi da iyayenmu suka yi fatauci da su. Waɗannan famfon mansu na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta, kuma ƙarfin da yake tura mai da shi bai kai ya kawo ba. Idan mai ya zo da ɗan datti sai inji ya yi hayaƙi, ya yi tari, amma ya kai mutum gida. Motar gas ta yau wata halitta ce daban. Tsarin da ake kira common rail yana tara mai a cikin wani bututun ƙarfe da matsin da ke kaiwa bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma sun haura haka. Don a gane girman lamarin, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi ba. Daga wannan bututu ne injektoci ke fesa mai ta wasu ƙofofi da siririnsu ya yi kusa da na silin gashi.

Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, famfon da ke tura mai cikin wannan bututu da injektocin ba su da wani man shafawa sai shi gas ɗin da ke bi ta cikinsu. Santsin gas shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Duk abin da ya rage wannan santsi, ko ruwa ne, ko kananzir, ko fetur da aka haɗa bisa kuskure ko da gangan, to famfo ya shiga gugar kansa. Garin ƙarfen da ya zuba ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana shiga bututun, ya shiga injektoci duka, ya bi layin da ke mayar da ragowar mai ya koma tanki, daga nan ya sake zagayowa. Shi ya sa idan irin wannan famfo ya lalace, sauya shi kaɗai ba ya magani. Sai an sauya injektoci, an wanke ko an sauya bututai, an sauke tanki an wanke. Wanda ya yi rabin aiki don tsimin kuɗi, bayan 'yan makonni zai sake sayen sabon famfo. Kuma wannan ba aikin da za a yi a bakin titi tsakanin Potiskum da Damaturu ba ne. Yana buƙatar na'urar gwada injekta, da kwamfutar da za a shigar wa mota lambar kowace sabuwar injekta, da wuri mai tsabta da ƙura ba ta kai wa.

Yanzu a kwatanta da motar fetur ta gama-gari, irin Corolla da Camry da Sienna na shekarun baya, ko Hilux da Hiace masu injin 2TR mai lita 2.7 da suka cika tashoshinmu. Famfon man waɗannan yana cikin tanki, matsinsa bai wuce bar uku zuwa huɗu ba. Idan aka sha mai mai ruwa, mota za ta riƙa fizga, ta riƙa yankewa idan an taka totur, wataƙila ta mutu gaba ɗaya. Abin takaici ne, amma maganinsa sananne ne: a zuƙe man da ke tanki, a wanke ko a sauya matatar famfo, a duba fulogi, a wanke nozul, a zuba mai mai kyau. Makaniken Wudil zai iya, na Azare zai iya, na Funtuwa zai iya, kayan kuma suna nan jibge a Ƙofar Ruwa. Wannan shi ne ainihin bambancin. Mugun mai yana taɓa kowace mota, amma a ta fetur yawanci yana tsayar da tafiya ne na 'yan sa'o'i, a ta gas ta zamani kuwa yana iya cinye kuɗin da ya kusa sayen wata ƙaramar mota.

Kada wannan ya sa mai motar fetur ya saki jiki. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai har tsawon makonni. Metanol yana cin roba da wasu ƙarafan layin mai, yana kuma jan ruwa ya kwanta da shi a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Wannan mai ta halastacciyar hanya ya shigo, da takardunsa, ba a jarkar ɗan bumburutu ba. Sannan akwai motocin fetur na zamani masu fesa mai kai tsaye cikin inji, waɗanda za ka ga an rubuta GDI ko FSI ko TSI a jikinsu. Su ma suna da famfo mai matsin da ke kaiwa bar 200 ko fiye, kuma a wajen tsantsani da mugun mai sun fi kusa da motar gas. Wasunsu an ƙera su ne don fetur mai daraja sama da wanda ake sayarwa a nan. Idan ka ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa ƙananan ƙarafa a cikin inji lokacin hawan tudu ko wuce babbar mota, man ne ke kamawa kafin lokacinsa. Sassauta ƙafa, ka sauko da giya, kada ka matsa mata.

Sai batun farar wuta, wato salfa, wanda shi ne ya fi shafar motocin gas 'yan Turai. Tun 2009 dokar Turai ta taƙaita salfa a man mota zuwa kashi 10 cikin miliyan. A Nijeriya kuwa, shekaru da dama ma'aunin da aka yarda da shi a gas kashi 3,000 ne cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa mai na musamman mai ƙazanta don kasuwar Afirka ta Yamma. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. A 2024 matatar Dangote ta fara sayar da gas, kuma a watan Yulin shekarar aka yi ta cacar baki a bainar jama'a tsakanin kamfanin da hukumar NMDPRA a kan wane mai ne ya fi salfa, na gida ko na waje. An samu ci gaba, babu shakka. Amma ko an cika ƙa'idar 50 ɗin, ta ninka abin da aka ƙera motar Turai dominsa sau biyar, kuma mai tsaye a bakin famfo ba shi da hanyar auna salfa da ido ko da hanci.

Tsohon inji bai damu da salfa sosai ba, illa dai a riƙa yi masa juyen baƙin mai da wuri, domin salfa na sa man inji ya yi tsami ya ci ƙarfe. Motar Turai da aka ƙera daga wajajen 2010 kuwa tana da wata matata a cikin salansa da ake kira DPF, aikinta tare baƙin hayaƙi. Idan ta cika, kwamfutar mota na ƙara mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, ya ƙone toka. Salfa mai yawa na ɓata sinadaran da ke taimaka wa wannan ƙonawa, sai matatar ta riƙa cika da wuri. A nan ne zaman Nasarawa yake ƙara dagula lamarin. Motar da aikinta a mako shi ne kai yara makaranta, daga Lamido Crescent zuwa Ahmadu Bello Way, a tsaya a ƙofar banki inji na aiki don na'urar sanyi, ba ta samun zafin da za ta ƙone tokar. Ran da aka ɗauki hanyar Kaduna, matatar a toshe take. Sai fitila ta kama, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi, mota ta koma tafiyar kilomita 60 ko 70 a sa'a, a kan hanyar da ba wanda ke son magariba ta same shi. Wata illar kuma ba a ganinta: idan ƙonawar tana katsewa, gas na zurarewa cikin man inji ya tsinka shi. Wanda ya ja sandar awon mai ya ga ya ƙaru a maimakon ya ragu, kuma yana warin gas, ya yi juye nan take.

Wasu makanikai kan ce a fasa matatar a zubar da cikinta, kamar yadda ake yi wa indomin motar fetur. Idan ba a gyara lissafin kwamfuta ba, motar za ta ci gaba da neman matatar da babu, ta ci gaba da rage ƙarfi. Ko an gyara ɗin, hayaƙin da aka saki mu ne za mu shaƙa, kuma bai kare famfo da injekta daga ruwa ba ko kaɗan.

Bari mu yi lissafin da ake yaudarar mutane da shi. Mu ɗauki tafiyar Kano zuwa Maiduguri, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, kusan kilomita 600. Mu ƙaddara Hilux biyu, kowace da tanki mai lita 80. Mai gas, da kaya daidai gwargwado da na'urar sanyi a kunne, a ce tana shan lita 9 a kowane kilomita 100. Mai fetur a ce lita 12. Zuwa kaɗai, ta farko za ta sha lita 54, ta biyu lita 72. Zuwa da dawowa, lita 108 da lita 144. Ratar lita 36 ce, kuma ita ce dillali ke nuna maka. Abin da ba ya faɗa shi ne, gas ya daɗe da fita daga tallafin gwamnati, kuma ko bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, yawancin lokaci litar gas ta fi ta fetur tsada. A wannan lissafi, da zarar farashin gas ya ɗara na fetur da kashi ɗaya bisa uku, ribar ta tafi gaba ɗaya. Idan ratar farashin ba ta kai haka ba, akwai ɗan rara, amma mutum ya tambayi kuɗin injekta guda a kasuwa, ya ninka huɗu, ya ƙara na famfo, sannan ya lissafa tafiya nawa zai yi kafin rarar ta biya.

A cikin lissafin akwai abu ɗaya da gas ya yi nasara da gaske, kuma adalci ne a faɗe shi. Mai motar gas da ya cika tanki a gidan man da ya yarda da shi a Hotoro zai shiga Maiduguri da sauran wajen lita 26, bai tsaya ko'ina ba. Mai fetur zai isa da lita 8 kacal, ma'ana dole ya ƙara a hanya idan yana da hankali. Inda mai ba shi da tabbas, rage yawan wuraren da kake sha kariya ce babba. Haka ma ɗaukar guzurin mai: gas a jarka ba ya kamawa da sauƙi sai ya yi zafi sama da digiri 50, fetur kuwa tururinsa na kamawa ko a tsananin sanyin hunturu. Jarkar fetur a cikin mota tare da iyali, a zafin watan Afrilu, ganganci ne da bai kamata mai hankali ya yi ba. Saboda haka mai jan kaya masu nauyi, ko mai shiga hamada bayan Damagaram zuwa Agadas inda gidajen mai ke da nisa da juna, yana da hujjar zaɓen gas. Amma ya nemi tsohon tsari, ko kuma wadda aka ƙera musamman don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, marar DPF. Mai tafiya da iyali a kan kwalta, ra'ayina a fili yake: fetur ta gama-gari ta fi masa kwanciyar hankali.

Gane irin motar ba wuya. Idan an rubuta D-4D, ko CDI, ko HDi, ko dCi, ko CRDi a jikinta ko a murfin inji, common rail ce. Idan aka buɗe bonet aka ga wayoyin lantarki sun shiga kan kowace injekta, haka ne. Idan kusa da bakin tanki akwai wani ƙaramin murfi shuɗi da aka rubuta AdBlue, to motar ta sabon tsarin Turai ce, kuma idan wannan ruwan ya ƙare kwamfuta na iya hana ta tashi gaba ɗaya. Ba kowane gari ake samunsa ba.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan mota, ba sai ya zubar da ita ba, amma dole ya canza hali. Abu na farko da ya kamata ya daina shi ne ɗibar gas daga duron janareta ya zuba wa mota. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a manyan gidaje da ofisoshin unguwarmu, inda ake sayen gas a ajiye watanni. Duro ko tankin da ba a cike yake ba yana shaƙar iska, raɓa ta taru a ciki, musamman da damina. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, kuma a tsakanin ruwan da man wasu ƙwayoyin halitta ke hayayyafa su zama baƙar majina mai toshe matata. Janareta mai tsohon famfo zai iya haɗiye wannan ya ci gaba da ruri, mota ba za ta iya ba. Ballantana gas ɗin da ake kawowa gida a ƙaramar tanka da farashi mai rahusa ba a san tushensa ba. An san ana dafa ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba a dazukan Neja Delta, kuma wannan man yana samun hanyar shiga kasuwa.

A gidan mai, a zaɓi wanda ciniki ke gudana, inda manyan motocin kamfanoni ke sha, domin mansa ba ya daɗewa a ƙasa. Idan an tarar tanka na sauke mai, a wuce, domin sabon man yana tayar da laka da ruwan da suka kwanta a tankin ƙasa, kuma suna buƙatar lokaci kafin su koma. Bayan ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta, a guji gidan man da ke cikin kwari inda ruwa ke kwanciya a kan murafun tankunan. A wurin da ba a sani ba, a tafi da kwalba fara mai tsabta, a sa a zuba kaɗan, a ajiye na 'yan mintuna. Mai mai kyau garai yake, ana ganin hannu ta bayansa. Idan ya yi hazo, ko ɗigon ruwa ya taru a ƙasa, ko gas ya zo baƙi yana warin ƙuna, a ba da haƙuri a tafi. Kwalba ba ta nuna salfa, ba ta nuna metanol kaɗan, amma tana kama ruwa da datti, su ne kuwa suka fi kashe famfo. A karɓi rasiɗi kowane lokaci. Ba tare da shi ba, ƙorafi a gaban NMDPRA magana ce ta fatar baki. Kuma a tsaya a kan mai zuba man, a duba da ido wane bututu ya ɗauka. Idan aka yi kuskure aka zuba fetur a motar gas, kada a murɗa makulli ko da don kunna rediyo, domin a motoci da yawa famfon tanki na fara tura mai tun kafin inji ya tashi. A tura motar gefe, a zuƙe tanki.

Yawancin motocin gas suna da matatar mai da ke raba ruwa, da ɗan famfo a ƙasanta na tsiyayewa, da fitila a dashbod mai nuna ruwa ya taru. Mai mota da direba su sa makanike ya nuna musu inda take tun a gida, su gwada kwancewa da hannunsu, su koyi yadda ake danna famfon hannu da ke samanta, a motocin da ke da shi, don fitar da iska. Kafin kowace doguwar tafiya a tsiyaye ta a kwalba a duba. A ajiye sabuwar matata ta asali a but, tare da sifanar kwance ta, kuma a riƙa sauyawa kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, domin littafin da man Turai ya yi lissafi. Matatar jabu ta fi rashin matata haɗari ta wata fuskar, tunda tana ba mutum natsuwar ƙarya. Idan fitilar ruwa ta kama a hanya, a nemi wuri mai aminci mafi kusa a tsaya a tsiyaye, kada a ce sai an kai gari. Idan wani makaniken hanya ya ce zai cire matatar ya haɗa layi kai tsaye don a ƙarasa, a ƙi, ko da zai kai ga kwana. Kada kuma a bari ya sassauta bututun injekta inji na aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci don fitar da iska. A wannan matsi, man da ya tsartu yana huda fata ya shiga nama.

Akwai alamomin da idan sun bayyana tafiya ta ƙare a wurin. Idan aka kwance matata aka ga wasu ƙananan abubuwa na ƙyalli a cikin man kamar garin azurfa, famfo ya fara cin kansa, kuma duk kilomita ɗaya da aka ƙara yana ƙara yawan abin da za a sauya. Idan inji ya fara bugawa da ƙarfi fiye da yadda aka saba, ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, wata injekta ce ta maƙale a buɗe tana kwarara mai, kuma tana iya narka fistin cikin ɗan lokaci. A kashe inji, a kira motar ja, a ɗebi samfurin man da ke tanki a kwalba mai murfi, a rubuta ranar da sunan garin da aka sha, a haɗa da rasiɗi a ajiye.